Nata'ala da Ɗakin Hayar Kabara

Nata'ala marini ne a Ƙofar Mata, hannuwansa sun rine har tuwo ma tsoronsu yake. Shekara ashirin yana rini, bai da ɗakin ajiye turamen mutane. Rannan aka karanta masa takardar da aka manna a bakin kasuwa: akwai ɗakin haya a Kabara, amma sai an aika sule goma ta gidan waya kafin a gani.

Ya nufi wurin amininsa Jafaru mai rubuta wasiƙa, wanda suka tashi suna cin kwano ɗaya.

"Ka rubuta wa mai ɗakin, ka gaishe shi da kyau. Ka ce don Allah ya nuna takardar alƙali, ko mu haɗu gaban mai unguwa."

"Haba, sarkin tsoro! Biya kawai, na tsaya masa."

"Rubuta dai, Malam."

Mako guda shiru, sai Nata'ala ya je wurin mai unguwar da kansa. Dattijon ya ce, "Gidan marayu ne, ko gado ba a raba ba. Jafaru aka gani yana manna takardar."

Tun ranar, in Jafaru ya yi sallama a karofi, wurin rinin, Nata'ala yakan amsa, amma ba ya ɗaga kai.