Filin Kurudu da Asusun Dillali

Yayana ne ya haɗa ni da wani dillalin filaye, a shekarar da na gaji da biyan haya a Karu na shiga neman fili. Ya ce mutumin kirki ne, tare suke sallar Juma'a. Na same shi a bakin titin Kurudu cikin shadda mai sheƙi, waya biyu a hannu, turarensa yana riga shi isowa. Duk maganar da zai yi sai ya rantse, ko da kuwa ba wanda ya musa masa.

Filin ya yi mini. Na wata mata ce 'yar Filato, malamar asibiti da ta yi ritaya tana so ta koma gida. Na karɓi kwafin takardun na kai wa wata lauya da muke unguwa ɗaya, ta je ofishin filaye ta bincika. Ta dawo ta ce sunan matar ne a rajista, kuma ba a jinginar da filin ba. Ta ja mini kunne kada sisi ya fita sai zuwa asusun da ke ɗauke da wannan sunan.

Da na faɗa wa dillali sai fuskarsa ta canja. Wai asusun Madam yana da matsala, in tura nasa shi zai miƙa mata. Da na ƙi, ya ce to in ciro tsaba, ai manya haka suke yi. Da na sake ƙi, ya kai ƙarata wurin Yaya. Shi kuwa Yaya ya kira ni yana faɗa, wai na zubar masa da mutunci, ina tuhumar mutumin da goshinsa har ya yi baƙi. Na ce masa ni ba goshi nake saye ba.

Sai da na yi kamar na fasa sannan ya kawo mai filin ofishin lauya. Doguwar mata ce mai furfura, da jakar takardunta a hammata. Lauya ta duba katin shaidarta, ta fara karanta yarjejeniyar a bayyane: sunayenmu, lambar fili, girmansa, iyakokinsa. Tana zuwa kan farashi matar ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wannan kuɗi ba shi ne oga ya gaya mini ba," in ji ta.

Ashe dillalin nan, ni ya faɗa mini farashi ɗaya, ita ya faɗa mata wani can ƙasa, ratar kuwa ya tanada wa aljihunsa, ban da la'adar da zai karɓa daga kowaccenmu. Asusunta lafiyarsa ƙalau. Gogan ya kafa waya a kunne yana amsa kiran da ba wanda ya ji shigowarsa, ya fice. Mu biyu muka daidaita a tsakiya, lauya ta gyara takarda.

Washegari muka haɗu a banki. Na cike takardar tura kuɗi da sunanta da lambar asusunta, a wurin bayani na rubuta cewa kuɗin fili ne mai lamba kaza a Kurudu. Muka zauna a benci har saƙon shigar kuɗin ya iso wayarta, ta kuma sa ma'aikacin ya tabbatar mata. Daga nan muka koma wurin lauya, ta sa hannu a yarjejeniyar da rasit gaban ɗanta da maƙwabcina, ta miƙo mini takardun asali. Lauya ta shiga aikin neman amincewar hukuma da mayar da suna. Dillali ya dawo neman la'ada ba ko kunya. Na tura masa ta banki shi ma, na sa ya rubuta ya karɓa.

Bayan damina na je zagaye filin da katanga, na tarar da tulin yashi da wani Alhaji mai ƙaton ciki yana nuna wa leburori inda za su haƙa. Ya ce filin nasa ne. Na tambaye shi wa ya ba kuɗin, ya ce dillalin nan dai, a cikin mota, kuɗi a jaka, don shi ba ya son banki ya san harkarsa. Shaidarsa rasit ne irin na masu sayar da siminti, da kwafin takardun da asalinsu ke cikin akwatina. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce in turo mijina su yi magana.

A ofishin 'yan sanda na shimfiɗa takardar banki da yarjejeniya da rasit. Aka kira matar a waya daga Jos, ta ce mutum ɗaya ta sayar wa, kuma ba ta san wani Alhaji ba. Jami'in ya juya rasit ɗin Alhaji gaba da baya, ya ce ya kwashe yashinsa ya shigar da ƙarar wanda ya karɓi kuɗinsa. Wayoyin dillali duka biyu a kashe suke.

Yaya bai taɓa tayar da zancen ba. Ranar da na tare a gidan da na gina a filin ya zo ya zagaya ɗakunan, ya ci shinkafa faranti biyu, yana gaya wa baƙi cewa shi ya samo mini wurin.