Ɗarin Goggo

Goggona, yayar babana, shekara talatin ta yi tana sayar da ƙwai. Can ta samo tambayar da ta addabi kowa da ita: a ɗari, nawa ya fashe? Da ta bar kasuwa sai ƙungiyar iyayen makarantar kurame, inda jikarta ke karatu, ta naɗa ta ma'aji. Ni kuwa ta jawo ni na zama sakatariya, wai rubutuna ya fi nata kyau.

Rufin azuzuwa uku ya ruɓe. Duk damina Goggo kan kwaso robobin wankinta ta jera su a ƙarƙashin yoyo, ita kuma ta koma wanki a bokiti. Kafinta ya ce gyaran zai ci dubu ɗari takwas, damina kuma saura wata uku.

Shugaban ƙungiya, mutumin kirki ne amma akwai son taro, ya zo da kasafinsa a buge a takarda. Za a yi liyafar neman taimako a babban zaure, a kashe dubu ɗari shida, a tara miliyan biyu.

"Talatin kacal za mu kashe a kan kowace ɗari," in ji shi. Aka tafa.

"Ranka ya daɗe, ɗari shidan daga ina?" in ji Goggo.

"Mu ara daga albashin malamai, mu mayar bayan liyafa."

Goggo ta jawo jakarta ta zazzage tsofaffin rasitai a kan tebur. Na liyafar da aka yi shekara huɗu baya ne, ba ta yar da ko ɗaya ba.

"Wancan karon ma miliyan biyu aka faɗa a lasifika. Ɗaya ce ta shigo hannu. Alkawari ai ƙwai ne a cikin kaza, Shugaba, ba a ƙirga shi. In miliyan ɗaya ta shigo, kowace ɗari ta ci sittin, a bar mu da dubu ɗari huɗu. Rufin rabi za mu yi, yara su zauna gefe guda?"

Aka yi dariya, ban da Shugaba. Ya ce to ta kawo nata.

Nata a bayan kwali ta rubuta. A jikin rasitan akwai lambobin wayar mutum ɗari huɗu da suka taɓa bayarwa. A rubuta musu, a kira su, a je wa na kusa. Ta ƙiyasta rabi za su amsa, kowa misalin dubu biyar, miliyan ɗaya ke nan. Takarda, katin waya da kuɗin mota, dubu ɗari da hamsin, daga kuɗin wata na iyaye. Sha biyar a ɗari, a rage da ɗari takwas da hamsin.

Ta ce ba za ta sa hannu a taɓa albashi ba. Aka bi ta da rinjayen ƙuri'a biyu, Shugaba ya ce a rubuta cewa in rufi ya gagara, shawarar ma'aji ce. Ni na rubuta.

Mako uku muna kira, dubu ɗari uku kawai suka shigo. Wasu lambobin sun mutu, wasu masu su ne suka rasu. Goggo ta rame, ta daina yi mini tsiyar rashin iya dafa shayi, abin da ya fi komai tayar mini da hankali. Na ce mu buga wasiƙu dubu mu raba wa kowa a gari.

"Ke 'yar nan, wanda bai san ki ba tsada gare shi. Sai ki kashe ɗari ki samo tamanin. Sake kiran waɗanda suka ce za su duba."

Muka sake, har sau uku. Ashe ƙarshen wata mutane ke jira. Albashi na shiga, waya ta fara ƙara da saƙonnin shigowar kuɗi, Goggo na cin goro tana cewa in karanta mata a hankali.

Mutum ɗari da tamanin suka bayar, dubu ɗari tara da casa'in. Mun kashe dubu ɗari da saba'in, saboda yawan kira. Goggo ta tashi a taro ta faɗa da bakinta cewa ta yi kuskure, ɗari ta ci sha bakwai, ba sha biyar ba. Saura ɗari takwas da ashirin, albashi kuma ba a taɓa ba. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce dama shi ma ya so ya kawo wannan shawara. Goggo ta ce Allah ya saka masa.

Kafinta ya gama gyaran rufi kafin damina. Ranar ruwan farko muna makarantar. Yaran ba sa jin rugugin kwano, sama kawai suke kallo, suna jiran ɗigon da suka saba kaucewa. Goggo ma sama take kallo, leɓenta na motsi. Aka daɗe, ko ɗigo.

Ta share ido da bakin mayafi, ta nuna robobin da ke jere a ƙasa, a bushe.

"Kwaso mini kayana," ta ce. "Na gaji da wanki a bokiti."