Kunnen Sista Dibora

A ƙaramin asibitin unguwa da ke Mugulbu, kowa ya san Sista Dibora Kwaji da kunne take karɓar haihuwa. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki, tun tana budurwa da aka turo ta daga Michika. Tana zaune a baranda tana ɓarar gyaɗa, mace na kuka a ciki, sai ta karkata kai ta ce, "Wannan da saura." In muryar ta sauya, sai ta kakkaɓe siket ta shiga. Kuma galibi tana cin daidai, abin da ya ɓata ta ke nan.

Akwai takardar da ake kira fatogiraf, wadda ake bin tafiyar naƙuda a kanta. Da zarar bakin mahaifa ya buɗe santimita huɗu sai a fara zane. Layi biyu ne suka ratsa ta a karkace: na gargaɗi, mai tafiya santimita ɗaya kowace awa, da na ɗaukar mataki, awa huɗu a damansa. Dibora ta san duk wannan, ta halarci bita har sau uku, ta ci shinkafar bita. Sai dai ita takan cika tata ne bayan an haihu, an yi wa jariri wanka, ta wanke hannu, ta ɗauko rula. A takardunta, matan Mugulbu duk suna haihuwa a kan layi, babu mai saɓawa.

Masu duba aiki kuwa suna ƙaunar ta. Shekara bakwai da suka wuce ɗaya daga cikinsu, Madam Beauty, ta zaro takarda mafi kyau daga cikin fayil ta sa aka yi mata firam aka rataye a bango don masu koyo. Ta wata Miriyamu ce, wadda ta yini guda tana kuka daidai yadda kunnen Dibora yake so, daga ƙarshe ta haifi ɗa namiji ba rai. Takardar ba ta faɗi haka ba, Dibora ma ba ta faɗa ba. Ta dai daina kallon wannan bangon.

Wata safiyar Talata aka kawo wata yarinya, Asta, a keke mai ƙafa uku daga wata ruga da ke bayan mayo, wato rafi, cikin fari, tare da goggonta. Dibora ta duba ta da ƙarfe takwas: santimita huɗu. Ta koma baranda ta ɗauki gyaɗa ta kasa kunne. Shiru. Ta jira, shiru. Ta leƙa, ta ga yarinya ta juya fuska bango ta ciji bakin mayafi, gumi na bin wuyanta.

"Goggo, yarinyarki ba ya jin ciwo ne?"

Tsohuwar ta ɗaga kai da alfahari. "Sista, 'yar Fulani ne. A gidanmu mace ba ya kuka a haihuwa. Kunya ne."

Dibora ta ji haushi sosai. Shekara ashirin da shida na gwaninta, wata 'yar shekara ashirin ta kashe mata shi da rufe baki. Don haushi ne, ba don tuba ba, ta jawo sabuwar takarda ta ɗiga alamar santimita huɗun a kan layin gargaɗi. Ta ɗora hannu a marar Asta: kan jaririn yana sama, faɗin yatsu huɗu cikin biyar bai shiga ƙugu ba. Ta rubuta.

Daga nan aiki ya kama ta. Kowane rabin awa sai ta kafa mazurarin saurare a cikin Asta ta ƙirga bugun zuciyar jariri, ta ji na uwar, sannan ta dafa cikin na tsawon minti goma cur tana duban agogo. Da farko mahaifa na murɗawa sau uku, kowanne bai kai daƙiƙa arba'in ba. Zuwa sha ɗaya ya zama sau huɗu, kowanne ya haura arba'in, ciki ya yi tauri kamar dutsen niƙa. Asta ko tari. Gyaɗar ta yini a baranda, kaji suka yi rabonsu.

Da sha biyu ta sake duba ta. Awa huɗu sun wuce, ya kamata a ce santimita takwas. Biyar ta samu. Kai yana nan inda ta bar shi, yatsu huɗu. Ta laluba ta ji ƙasusuwan kan jaririn sun fara hawa juna saboda matsi. Ta nemi rula ba ta gani ba, ta ja layin da hannu. Ya fito a kwance, a karkace, nesa da layin gargaɗi ta dama, saura awa ɗaya ya taɓa na ɗaukar mataki. Ba ta taɓa zana abu mai muni haka ba.

"Goggo, za mu tafi babban asibiti yanzu."

"Subhanallahi. Ai yana kwance lafiya. Ki sa masa ruwan naƙuda kawai, a gama."

"Naƙuda bai yi kaɗan ba, Goggo, ya yi yawa ma. Mahaifa yana turawa da ƙarfi, yaro bai sauko ba. Hanya ne ya yi masa kaɗan. In na ƙara masa wuta, mahaifa zai fashe, mu rasa su biyu."

"Amma bai yi kuka ba."

"Na sani," in ji Dibora. "Takarda ne ya yi masa."

Zuciyar jaririn tana bugun ɗari da arba'in da takwas a minti, ruwan da ke fita kuma fari ne, bai gauraya da kashinsa ba, wato da sauran lokaci. Dibora ta sa wa Asta ruwa a jijiya, ta kira mijin, Mansir, wanda ke kasuwar shanu, ta ce ya same su can. Suka ratsa unguwar Yelwa a keke, Dibora a gefe tana riƙe da ledar ruwan sama da kanta, takardar a naɗe cikin aljihu. Likitan da ya karɓe su ya buɗe takardar duk da gumin da ya jiƙa ta, ya duba Asta da kansa, ya ce a shirya ɗakin tiyata. Kafin la'asar aka ciro 'ya mace, kanta a matse ya yi tsini. Yarinyar ta tsala ihun da uwarta ta ƙi yi tun safe, har Goggo ta sunkuyar da kai don kunya, tana share hawaye tana godiya da Fulatanci, "Useko, Sista, useko."

Tun daga ranar takardun Dibora suka lalace. Ana cika su a tsaye, da hannu ɗaya, wasu da tabon shayi, wasu layinsu ya kauce ya ƙare da kalmar an tura, wato zuwa babban asibiti. Da Madam Beauty ta zo zagaye bayan wata uku, ta juya su tana girgiza kai.

"Sista, me ya same ki? Da ke muke misali." Ta nuna bango. "Dubi aikinki na da."

Dibora ta duba, karo na farko cikin shekara bakwai. Bayan motar ta tafi, ta taka benci ta sauko da firam ɗin, ta goge ƙurar gilashin da gefen siket. Ta bi layin da yatsa tun daga huɗu har goma, tana neman awar da ɗan Miriyamu ya fara makalewa, awar da keke ɗaya zai ishe shi. Babu ita a ciki. A wannan awar Dibora tana baranda, tana sauraro.