Amsar Maigadi

Sa'ad da na bar aikin koyarwa na mai da tsohon gidan mahaifina na Gumel masaukin baƙi, abokan zamana na majalisa sun yanke hukunci tun ba a gama shafe ba. Suka ce mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara wa 'ya'yan mutane kuskure da jan biro ba zai taɓa jin baƙo ya faɗi ba daidai ba ya ƙyale shi. Suka ce da hedimasta da kasuwa ba sa zama inuwa guda. Babban ɗana, wanda ya sa hannu a ginin, bai faɗa da baki ba, amma ya riƙe wayar masaukin a aljihunsa, ni kuwa ya bar mini teburin karɓar baƙi a zaure. Teburin nan shi ne abin da ya rage mini na mulki, kuma na san da haka.

Yawancin baƙinmu fataken dabbobi ne masu kwana ranar Laraba su yi sammakon kasuwar Maigatari. A cikin bazara wani Alhaji daga Damagaram ya sauka, gumi ya jiƙa masa rawani. Ya zauna ya ce, "Tsoho, a taimake ni da galas."

Na yi Turanci a hannun malaman da ke dukan mutum a kan wasali guda. Na tashi da kaina na ɗauko kofin gilashi, na goge, na ɗora a faranti na ajiye masa. Ya dubi kofin, ya dube ni.

"Galas na ce."

Na ɗauka ƙanƙantar kofin ya raina, na kawo babba. A karo na uku na kawo masa madubi, domin shi ma gilashi ne. Ya kwashi jakarsa ya fita bai yi sallama ba. Daga baya mai share mana tsakar gida ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, ai ƙanƙara mutanen can ke kira galas. Duk direban da ke bin hanyar nan ya san haka. Ni ban taɓa zama da direbobi ba.

Alhajin ya shiga shafin nan na waya inda baƙi ke ba masauki taurari, ya ba mu ɗaya. Ya rubuta cewa ya roƙi abin sanyi an miƙa masa madubi ya kalli ƙishirwarsa, kuma tsohon da ke wurin ko kurma ne ko ya fara ruɗewa. Ɗana bai ba da amsa a shafin ba. Hoton rubutun ya ɗauka ya tura wa ƙannensa, daga nan ya isa majalisa.

"Hedimasta Galas, barka da fitowa!"

"A matsa masa, kada ya narke."

Wani da na taɓa korar ɗansa daga aji ya zo da madubin babur ya ajiye a gabana. Suka yi dariya har limamin unguwa ya yi tari. A gida kuwa ɗana ya durƙusa, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ya ce, "Baba, ko za ka huta? Zaman zauren nan yana wahalar da kai." Na ce masa ban gaji ba.

Gab da Sallar Layya, lokacin da raguna ke cika hanya kuma ɗaki ke wuya a garin nan, Alhajin ya dawo domin bai sami wani wuri ba. Ban ambaci abin da ya wuce ba. Na sa aka fasa ƙanƙara a kwano, na kai masa da hannuna, na ce, "Alhaji, ga galas." Ya yi dariya ya kama hannuna da hannu biyu.

Bayan Sallah ya koma shafin ya sāke rubutunsa. Tsohon rubutun ya ɓace, taurari suka zama biyar. Ya yabi tsabtar ɗaki da ruwan alwala, ya rufe da cewa: maigadinsu dattijon kirki ne, masu gidan su riƙe shi da kyau.

Maigadi. Wasula biyu ne suka yi musanyar wuri tsakanin maigida da maigadi, kuma na san ba kuskuren yatsa ba ne. Haka ya ɗauke ni.

Ɗana ya karanta mini yana danne murmushi. Ya ce lalle wannan karon a ba da amsa, har ya shirya tasa: mun gode da ka gane cewa laifin ba namu ba ne, kuma wanda ka kira maigadi shi ne mai wurin. Na ce ya goge. Amsa a wannan shafi ba wasiƙa ba ce tsakanin mutum biyu. Duk wanda zai nemi ɗaki gobe zai karanta ta. Mutumin ya janye maganarsa da kansa, ba a tono masa ita. Ya yi yabo da zuciya ɗaya, idan aka gyara masa a bainar jama'a an mai da alherinsa abin kunya, kuma ba zai sāke yabon kowa ba. Na karɓi wayar, karo na farko, na rubuta da yatsa ɗaya:

"Alhaji, mun gode da ka sāke ba mu dama, mun kuma gode da wannan kyakkyawar shaida. Zuwanka na farko ya koya mana abin da muka gyara. Dattijon ya ji saƙonka, yana gaishe ka, ya ce galas na nan duk ranar da ka sauka. Allah ya sa albarka a fatauci."

Na karanta sau biyu. Babu ƙarya a ciki, babu jan biro.

Amsar ta yi aiki. Fatake daga tsallaken iyaka suka riƙa tsayawa suna tambaya, "Ina maigadin nan mai galas?" Wani mai kai hatsi daga Gagarawa ya ce amsar ce ta kawo shi, domin gidan da ke girmama maigadinsa ba zai wulaƙanta baƙo ba. Majalisa ta sauya mini suna daga Galas zuwa Maigadi, ba wanda ya tuna cewa sun ce ba zan iya ba.

Wata safiya na fito na tarar da wata ma'aikaciya da aka ɗauko a bayan teburina, wayar masaukin a gabanta. Kujerata tana waje, gefen ƙofa, ƙarƙashin darbejiya, an ɗora mata sabon matashi.

"Baba, kai suke nema," in ji ɗana, "kuma a ƙofa suke nemanka. Ai kai ka amsa sunan da hannunka. In suka tarar da kai a tebur sai su ce mun yi musu ƙarya."

Na dube shi na ga yadda ya tsara hujjarsa, gabatarwa da dalili da kammalawa. Ni na koya masa.

A nan nake zaune yanzu. Ina amsa sallama, ina nuna wa motoci wurin tsayawa, wasu baƙin har suna cewa in kama musu jaka. Ban gyara wa ko ɗaya ba.

Ranar da aka fitar da kujerar ban damu a tuna da ita ba. Wadda nake so 'ya'yana da mutanen majalisa su rubuta ita ce ranar da na ba da amsar nan: Asabar ta farko bayan Sallar Layya, a shekarar da aka kira ni maigadi.