Lawali Malisa da Tambaya ta Goma Sha Huɗu

An haifi Lawali a wata ruga da ke gefen Malisa, cikin ƙasar Gwandu. Tun yana ɗan shekara bakwai aka san shi da gudu, domin idan maraƙi ya ɓalle shi ake tura wa. Da ya shiga sakandare a Gwandu, shekara huɗu a jere ba wanda ya riga shi a tseren dogon zango. Karatu ne bai zauna masa ba. Turanci yakan shige masa ta wannan kunne ya fice ta wancan, ya gama makaranta da takarda mai rauni. Ya yi kiwo, ya yi noman albasa, ya yi aure, amma bai taɓa barin gudun safe ba.

Akwai wata hukuma da ke ɗaukar masu horar da ma'aikatanta motsa jiki, sau ɗaya a shekara. Gwajinta kashi biyu ne. Da safe a zagaya fili sau takwas, mita ɗari huɗu kowane zagaye, cikin minti goma sha biyu. Da hantsi a zauna a rubuta jarrabawa kan ƙa'idojin horar da jiki. Wanda ya faɗi ɗaya ya faɗi duka, kuma ba a ɗaukar wanda ya cika shekara talatin. Sau biyu Lawali ya je. Sau biyun ya gama gudun cikin minti goma da rabi, ya tsaya yana jiran sauran, sau biyun kuma takarda ta kayar da shi. A shekarar da ake ba da labarinta, watan Disamba zai cika talatin, gwajin kuma a Oktoba yake.

Wani ya ba shi labarin Malam Yakubu, tsohon malamin wasanni, mutumin Zuru, wanda ya yi ritaya ya zauna a Kalgo. Malam Yakubu ya tara tambayoyi arba'in da amsoshinsu, ya buga su da tsohon tafireta tun zamanin da yake koyarwa, ana ta yi musu hoto ana rabawa har baƙaƙen sun fara dusashewa. Lawali ya shiga mota biyu ya je Kalgo ya karɓo. Tsohon ya ce ya karanta, ya dawo ya biya masa.

Tun daga ranar Lawali ya rataye takalmin gudunsa a ƙusa. Lissafinsa mai sauƙi ne: ƙafa ba ta taɓa ba shi kunya ba, kai ne ke ba shi. Yayansa Haliru yana da shagon cajin waya a Gwandu, sai ya ce masa ya zo ya zauna a ciki, ga inuwa, ga benci. Mako goma sha ɗaya Lawali ya yi a kan bencin nan, daga safe zuwa la'asar, yana haddar Turanci kamar yadda ya yi hadda a makarantar allo: ya rera, ya rufe takarda, ya maimaita. A tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida, da ya tashi ya koma benci. Ya haddace amsa arba'in ɗin, har da inda waƙafi yake, ba tare da ya san rabin abin da suke cewa ba.

Saura mako uku ya koma Kalgo. Malam Yakubu yana zaune a barandarsa da farar riga mai guga, agogon awon gudu rataye a wuyansa. Agogon tun na makarantar mishan ne, inda yana yaro ake fitar da su fili kafin ƙararrawar karin kumallo, a jera su da farin gajeren wando, kuma har yau yakan murɗa shi kowace safiya ko da ba abin da zai auna.

"To, bismilla," in ji tsohon. "Tambaya ta goma sha huɗu."

Lawali ya zubo amsar da Turanci, ba tuntuɓe.

"Madalla. Yanzu faɗa mini da Hausa."

Lawali ya dubi ƙasa. "Baba, ai da Turanci za su tambaya."

"Na sani. Ni ne nake tambaya da Hausa."

Malam Yakubu ya jawo takardar ya fassara masa a hankali. Tambayar tana cewa: bayyana ƙa'idar komawa baya, ka ba da misali. Amsar tana cewa: duk ƙarfin da jiki ya samu ta hanyar horo ba ajiya ba ne, idan aka daina horon zai riƙa zubewa. Juriyar numfashi takan fara raguwa cikin mako biyu, kuma cikin wata biyu zuwa uku babban kaso na abin da aka tara yakan tafi. Misali, ɗan tseren da ya zauna tsawon hutu zai dawo ya tarar lokacinsa ya ƙaru.

Tsohon ya ɗaga kai ya ga fuskar baƙonsa. "Yaushe rabonka da gudu?"

"Tun ranar da na karɓi takardun nan."

Malam Yakubu ya ɗauki hularsa, suka taka zuwa filin makarantar da ke bayan gidansa, wanda ya san tsawon zagayensa tun yana aiki. Lawali ya tuɓe riga ya yi gudun da takalmin roba. Zagaye uku na farko ƙafar ta tuna aikinta. A na biyar ƙirjinsa ya ɗauki wuta, bakinsa ya yi ɗaci. Ya ƙarasa na takwas ya durƙusa.

"Minti goma sha biyu da daƙiƙa arba'in," in ji tsohon. Ya sake duban agogon kamar zai canza. "Laifina ne rabi. Na ba ka takarda ban tambaye ka komai ba."

Ya tsara masa abin da zai yi: gudu kwana huɗu a mako, biyu a hankali, biyu da saurin gwaji, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, a huta tsakani. Lawali ya ce to. Amma a cikin mota yana komawa Gwandu daƙiƙa arba'in ɗin nan suka yi ta yi masa yawo a kai, ya ga kwana huɗu a mako wasa ne ga wanda ya rage masa kwana ashirin da ɗaya a duniya. Ya tuna tsohon ya fassara masa tambaya ta goma sha biyu ma, ƙa'idar ƙarin nauyi: jiki ba ya ƙaruwa sai an ɗora masa fiye da abin da ya saba. Rabin farko na amsar ya riƙe. Rabin da ke cewa a ƙara a hankali, a bar jiki ya huta ya gyara kansa, ya bar shi a Kalgo.

Ya cika jakar goyo da yashi. Ya yi gudu da ita da safe, ya yi gudu da ita da yamma, a kan kwalta. Tsakanin nan Haliru ya samo masa aikin sauke buhunan hatsi a kasuwa.

"Ƙarfi ƙarfi ne," in ji Haliru. "Wanda ya ɗauki buhu, mi zagaye takwas za ta yi mishi?"

Hajara matar Lawali tana gasa masa ƙafa da ruwan zafi, tana cewa, "Wai aikin gudu za su ba ka, ko na jaki?" Bai yi dariya ba. A kwana na shida ƙaurinsa na hagu ya kumbura, ko taka ƙasa ya yi sai ya ji kamar an soka masa allura a ƙashi.

Da ɗingishi ya isa Kalgo. Malam Yakubu ya latsa ƙaurin da babban yatsa, Lawali ya ciji leɓe.

"Tambaya ta goma sha uku," in ji tsohon. "Da Hausa."

Wannan karon Lawali ya yi ƙoƙari. "Ƙa'idar dacewa. Jiki abin da aka horar da shi a kai, shi yake iyawa. Mai son gudu mai nisa, gudu mai nisa zai yi, da saurin da za a nema gare shi."

"Buhu fa?"

"Buhu baya yake ginawa da kafaɗa."

"Ranar gwaji buhu za su aza maka?"

"A'a, Baba." Ya kama gefen kujerar tsohon. "Don Allah ka gaya mini abin da zan sha. Ko allura ce. Ba ni da wata shekara."

"Ɗana, da akwai da na saka ta cikin tambayoyin. Kwana biyar ba gudu. Sauran goman mu raba su yadda ya kamata, mu ga abin da jiki zai dawo mana da shi."

Lawali ya tare a gidan wani ɗan'uwansu a Kalgo. Kwanaki biyar na hutun sun fi masa komai wuya. Yana zaune a baranda yana ƙirga abin da ke zubewa daga ƙirjinsa, yanzu da ya san sunansa, tsohon kuwa yana bin tambayoyin da shi ɗaya bayan ɗaya, Hausa tukuna sannan Turanci. Da ƙafar ta lafa suka koma fili, a kan ciyawa, zagaye biyu-biyu da minti ɗaya da rabi kowane zagaye. Kwana uku kafin gwaji agogon ya nuna sha biyu da daƙiƙa goma sha biyar.

Ranar gwaji a Birnin Kebbi, Lawali ya riƙe saurinsa daidai har zagaye na shida. A na bakwai ƙaurin ya farka. Ya ji an busa usur yana saura taku kamar talatin, ya ci gaba da gudu har ya taka layin. Mai rubutu ya ce sha biyu da daƙiƙa tara, bai ko ɗaga kai ba.

Ba a hana waɗanda suka faɗi gudu zama jarrabawar ba, yawancinsu dai suka tafi. Lawali ya zauna. Ƙa'idar komawa baya ta fito a tambaya ta biyu. Ya rubuta ma'anarta yadda take a takardar Malam Yakubu, da ya zo wurin misali sai ya bar na takardar, ya rubuta da Turancinsa mai karyewa cewa wani mutum yana gudun mita dubu uku da ɗari biyu cikin minti goma da rabi, ya zauna mako goma sha ɗaya, ya koma sha biyu da arba'in. Da aka liƙa sakamako, ya ci saba'in da ɗaya cikin ɗari a rubutu. A gefen sunansa an ja jan layi.

Disamba ta zo ya cika talatin. Yanzu ya koma gonar albasa a fadama. Samarin da ke shirin irin wannan gwaji sukan zo wurinsa neman takardun Malam Yakubu, yana da su cikin leda. Ba ya miƙa wa kowa sai sun je fili tare ya auna shi da agogon waya, kuma a tambaya ta goma sha huɗu yake sa su fara. Shi kansa ya dawo minti goma da daƙiƙa hamsin tun watan Maris. Ya kai wa tsohon labari a Kalgo, Malam Yakubu ya rubuta lambar a bayan takardar da fensir, ya sa kwanan wata.