Rufin da Ya Yi Mini Zufa

Shekarar da wani Alhaji ya gina masaukin baƙi a bakin hanyar Tsarnawa, ya raba mana aikin rufi ni da taubashina, ɗan gwaggona. Ɓangare biyu ne, duka rufin kankare, kowane ɗaki da na'urar sanyi. Ya ce wanda rufinsa ya fi, shi zai yi masa gidansa na cikin Konni. Na so gidan nan ƙwarai.

Ni na fara. Kankare na kamawa na shimfiɗa kwalta a sama, daga ƙasa na jera audugar gilashi mai tare zafi, na rufe da silin fari tas. Shi kuwa ya shimfiɗa kwaltarsa, ya ɗora fallayen soso mai tauri a kanta, ya danne da tsakuwa. Cikin ɗaki shafe kawai ya yi. Na ce masa, "Kai ɗan mace, ka sa ma rufi katifa, ko can bisa za ka kwana?" Ya yi dariya.

Da damina ta yi nisa silina ya fara tabo, sai warin damshi, sai ɗiga. Na rantse yoyo ne. Sau biyu ina ƙara kwalta, amma ko ranar da ba a yi ruwa ba sai ya ɗiga. Nakan leƙa ɗakunansa ina neman tabo ko da guda, in fito raina a ɓace. Kishi ne, ba na ɓoyewa.

Ranar da Alhaji ya tara mu, taubashina ya ɗauko gorar ruwa daga firij ya ajiye gabana.

"Mi ya jiƙa bayanta?"

"Zufa ta yi," na ce.

"Hakanan naka. Ka toshe kankare sama da ƙasa tun bai gama bushewa ba. Rana ta gasa shi, tururi ba shi da hanya sai ƙasa, shi bi cikin auduga shi iske silin mai sanyi, shi koma ruwa. Nawa rana ba ta kai ga kankare. Sanyinshi ɗaya da ɗaki, damshin na fita sannu, na'ura na kwashewa."

Ya cire falle ɗaya na silina, ya miƙo mini audugar sharkaf. Abin da ya fi ƙona ni shi ne bai ko tsokane ni ba. Taubashin da tun muna yara bai taɓa raga mini ba, a ranar nan tausayina ya ji.

Shi ya samu aikin gidan. Da aiki ya tashi ya aiko a kira ni, na je, don ina da iyali. Da hannuna na jera sosan nan a bisa rufi, yana ƙasa yana nuna mini inda na bar tsaga. Har yau in hanya ta kawo ni unguwar, ta bayan layi nake bi.