Garba Biyar-da-Shida

Garba mai aski ya fi shekara ashirin a wani ɗan shago a Gwammaja, kusa da masu niƙa. Aski ya gada. Rinin gashi kuwa daga baya ya koya, da dattawan unguwa suka fara zuwa da furfura suna son a rufe musu, amma ban da baƙi wuluk, don malamai sun hana.

Garba ba ya kallon hoton da ke jikin kwalin rini. Ya ce matar da ke hoton ba a Gwammaja take aski ba. Lambar kwalin yake dubawa, mai ɗigo a tsakiya. Ta farko, kafin ɗigo, ita ce duhu: ɗaya baƙi ƙirin, goma ya kusa fari. Ta bayan ɗigo ita ce launin da zai hau kai. A kwalayen da yake saye, ɗaya toka-toka ce, uku ruwan gwal, shida ja.

Wata Alhamis Malam Anas, ladanin masallacin layinsu, ya shigo da kwali a leda. Surukinsa ne, mijin 'yarsa, ya kawo masa tsaraba. Hoton kwalin gashi ne ruwan ƙasa mai kyau.

Garba ya juya kwalin. "Biyar ɗigo shida. Malam, ja ne wannan."

"Ruwan ƙasa nake gani."

"Biyar ɗin ce ruwan ƙasa. Shidan ja ce. A baƙin gashi da kyar za a gan ta, amma farin gashi ba shi da abin da zai danne ta. Gemunka kuwa rabi fari ne."

"To me zai fito?"

"Zoɓo."

Malam Anas ya shafa gemu. "Yaron zai zo gaisuwa gobe. In bai gani a fuskata ba, zai ce na raina. Shafa kawai."

Garba ya nemi ya sirka da huɗu ɗigo sifiri don jan ya lafa. Malam Anas ya ce ba a sirka tsaraba. Garba ya shafa. Da aka wanke, baƙin gashin na nan kusan yadda yake, farin kuwa ya yi jawur.

Malam Anas ya daɗe a gaban madubi. "Ma sha Allah," ya ce. "Ko lalle bai kama haka ba."

Bayan sallar Juma'a dattawa suka fara leƙowa shagon, kowa yana tambayar irin na ladan. Garba ya yi wa kowannensu bayani, tun daga lambar farko har zuwa zoɓo. Kowa ya saurara da ladabi, sannan ya zauna a kujera.

Yanzu sahun farko na masallacin ja ne daga bango zuwa bango. Yara suna kiran mai askin Garba Biyar-da-Shida, yana kuma amsawa. Nasa gemun ya fara fari, bai taɓa sa masa komai ba. In aka tambaye shi dalili sai ya ce yana nan yana duba kwalaye.